Ƙofa biyu da ke kai ka korido ɗaya ba hanya biyu ba ce

Shawarar da 'yan kwana-kwana ke bayarwa ita ce kowane ɗaki a gida ya zama yana da hanyar fita biyu saboda gobara, sannan iyali su tsayar da wuri ɗaya a waje da za su haɗu. A baki abu ne mai sauƙi, sai da muka zo yinsa a gidanmu na ga inda gizo ke saƙar.

Farko na ɗauki takarda da biro na zana gidan kamar ana kallonsa daga sama, kowane ɗaki da ƙofarsa da tagarsa, sai na riƙa jan kibiya daga gado har waje. Nan take abu ya fito fili: ɗakinmu, ɗakin yara da ɗakin Mama duk korido ɗaya suke buɗewa, koridon kuma sai ya wuce ta bakin kicin kafin ya kai falo. To kicin ɗin nan dai shi ne inda wuta ta fi saurin tashi a gida. Uwar yaran ta ce ai muna da ƙofar gaba da ta baya, na ce mata duba zanen da kyau, dukkansu sai ka bi koridon nan kafin ka kai gare su, in hayaƙi ya cika shi an toshe mana biyun a lokaci guda kenan. Hanya ta biyu sai ta zama wadda ba ta haɗa komai da ta farko ba, kuma a ɗakin kwana kusan kullum taga ce.

Dalilin da yasa na damu da korido shine hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane, yana riga wutar isowa, yana taruwa a sama ya riƙa saukowa, kuma ba ya tada mai barci, ƙara nutsar da shi ma yake yi. Kayan ɗakin yanzu kuwa, katifar soso da kujerun soso da labule da robobi, ci suke da sauri, masu binciken gobara sun nuna mutum zai iya samun minti 2 zuwa 3 kawai na fita. Wannan ba lokacin neman makulli ba ne.

Tagar ɗakin yara ita ta fi cin mana lokaci. Akwai ƙarfen kariya saboda ɓarayi, an yi masa walda an kafe shi a bango, wato dai taga ce ta shan iska kawai, ko ni da guduma ba zan cire shi cikin minti 3 ba balle yarinya 'yar shekara 9 da ƙaninta. Na kira mai walda ya yanke ɓangare ɗaya ya mayar da shi kamar 'yar ƙofa mai buɗewa waje. Shi da kwaɗo yake so ya sa, na ce a'a malam, kwaɗo yana nufin makulli, makulli kuma yana nufin ranar da ake nemansa ba a ganshi ba. Muka tsaya a kan sakata daga ciki, ya rufe ta da faranti na ƙarfe yadda hannu daga waje ba zai kai gare ta ba. Wajen girma na bi ma'aunin da ke cikin dokar gini ta Amurka don tagar tsira: faɗi kada ya gaza inci 20, tsayi kada ya gaza inci 24, bakin tagar kuma kada ya wuce inci 44 daga ƙasa. Amma kar mutum ya tsaya a ƙananan ma'aunan biyu tare, ramin zai yi matsi, gara a ƙara, ni kaina na shiga na fita na tabbatar kafaɗata ta wuce.

Ko da hakan ƙaramin bai iya kaiwa bakin tagar ba, sai muka ja gadonsa zuwa ƙarƙashinta ya zama matakala. Sannan na kashe fitila na ce yayarsa ta buɗe sakatar da kanta a cikin duhu, ba tare da na taɓa ba. Ta yi ta fama, ashe fenti ya riƙe ta, sai da aka kankare aka sa mai. Ni a wurina gwajin kenan: in mafi rauni a ɗakin bai iya buɗe hanyar shi kaɗai a duhu ba, to a takarda kawai take.

Ita Mama maganar taga ma ba ta taso ba saboda gwiwa. Da na kawo zancen cewa ta yi kai dai ka fitar min da jikokina. Na ce Mama ku yi haƙuri, da ku za a fita. Abin da muka yi shine muka canza mata ɗaki zuwa wanda ke da ƙofa kai tsaye zuwa tsakar gida, aka kuma raba aiki tun yanzu, ni ne mai ɗauko Mama, uwar yaran ita ce mai yara, in ɗayanmu ba ya gida babban ɗanmu ya maye gurbinsa. Yara da yawa ba sa farkawa da ƙarar na'urar gano hayaƙi, mun gwada namu da dare ƙaramin ko motsi bai yi ba, don haka dole a san wanda zai tashe shi.

Yadda za su zaɓi hanya kuwa mun koya musu a taƙaice. Ana kwana da ƙofa a rufe don tana tare hayaƙi da zafi. In alam ya yi ƙara a taɓa ƙofar da bayan hannu, in da zafi ko hayaƙi na shigowa ta ƙasanta kar a buɗe, a nufi taga. In ba zafi a buɗe kaɗan a leƙa, a fita da rarrafe don iska mai kyau tana ƙasa, a ja ƙofar a rufe a baya.

Wurin haɗuwa shi ne muka fi yin gardama a kai. Yara suka ce wajen mota, to mota yau tana nan gobe ba ta nan, kuma ga mai a cikinta. Tsakar gida ma ba ta yi ba, tana cikin katanga, in get a kulle yake an fita daga wani tarko an shiga wani, shi yasa ma makullin get yanzu yake rataye a ƙusa ɗaya da kowa ya sani. Bakin get kuma hanyar motar kashe gobara ce. A ƙarshe muka zaɓi wata bishiya da ke gaban gidan maƙwabcinmu, a ɓangarenmu na titi don kada yaro ya tsallaka hanya a ruɗe da dare, nesa da gidan amma ana hango ta daga ƙofa.

Amfanin wurin shine ƙirga kawuna. Wanda ya fita ta tagar baya da wanda ya fita ta ƙofar gaba ba sa ganin juna, uwa kuwa in ba ta ga ɗanta ba komawa ciki za ta yi alhali yana can bayan gida a tsaye yana kuka. Don haka doka ce, duk ta inda ka fita ka zagayo bishiya ka tsaya, daga can ake kiran 'yan kwana-kwana, in wani bai fito ba su za a faɗa wa ɗakin da yake, ba mai komawa don waya ko takardu. Wannan ma sai da ya sa muka kwashe tarkacen da ke lungun gefen gida, don ta nan mai fita ta tagar yara zai bi, kuma tsohon keke da bokitai sun cushe wurin. Yanzu sau 2 a shekara muke maimaita gwajin, ɗaya da rana ɗaya da dare, kowane karo kuma sai in tsaya a wani wuri daban in ce nan wuta ce, su nemi ɗaya hanyar.