Yadda nake karanta zanen BER da SNR kafin in zaɓi QPSK ko 16-QAM

Aikin da ke gabana shi ne in yanke hukunci kan wani layin rediyo tsakanin wurare biyu: ko a bar shi a kan QPSK, ko a mayar da shi 16-QAM don gudun bayanai ya ninka. Dukkansu tsarin modileshan ne, wato hanyoyin ɗora bit a kan siginar rediyo. Layin yana aika alama miliyan ɗaya a daƙiƙa. A QPSK kowace alama tana ɗauke da bit biyu, wato megabit 2 ke nan a daƙiƙa, a 16-QAM kuwa tana ɗauke da huɗu, megabit 4. Abin da muke bukata shi ne kuskure kada ya wuce bit ɗaya cikin dubu ɗari, abin da ake rubutawa 10⁻⁵. Na'urar karɓa ta nuna min cewa ƙarfin sigina a kan hayaniya ya kai desibel 17.

Na ɗauko zanen da kowa ya sani. Layin tsaye shi ne BER, yawan bit ɗin da suka iso a gurɓace idan aka raba da duk waɗanda aka aiko, kuma kowane mataki a kansa ninki goma ne: 10⁻¹, 10⁻², 10⁻³, har ƙasa. Layin kwance kuma desibel ne. Kowane tsarin modileshan yana da tasa lanƙwasa, tana farawa daga sama ta hagu, ta yi ɗan tafiya a hankali, sannan ta faɗo kamar ruwa daga kan dutse. Ba a karanta wannan zane daga sama zuwa ƙasa. Sai ka fara zaɓar BER ɗin da kake so, ka ja layi a kwance daga wurin, ka ga inda ya yanke kowace lanƙwasa, sannan ka sauko ka karanta desibel ɗin. Da na ja layina daga 10⁻⁵, ya yanke QPSK a desibel 9.6, ya yanke 16-QAM a kusan 13.4. Ina da 17. A kallon farko, 16-QAM ta wuce da rarar desibel 3.6.

Wannan karatu ba daidai ba ne, kuma a nan mafi yawan ɓarnar take aukuwa. A ƙasan zanen an rubuta Eb/N0, wato kuzarin da ke cikin bit ɗaya idan aka auna shi da kaurin hayaniya. Lambar da na'urata ta ba ni kuwa Es/N0 ce, kuzarin alama guda sukutum. Alama ɗaya ta 16-QAM tana raba kuzarinta ga bit huɗu, don haka kowane bit rubu'i yake samu, rubu'i kuma a desibel ragin 6 ne. Ta QPSK tana rabawa biyu, ragin 3. Ƙa'idar ita ce Es/N0 = Eb/N0 + 10·log10(k), inda k yake nufin adadin bit a kowace alama.

Da na gyara lissafin, sai hoton ya juye. A QPSK, 17 a cire 3 ya bar 14, rarar desibel 4.4 ke nan a kan 9.6, kuma a wurin kuskure ya yi ƙasa da 10⁻¹². A 16-QAM, 17 a cire 6 ya bar 11, wato akwai giɓin 2.4 kafin a kai 13.4. Idan ka hau daga desibel 11 zuwa lanƙwasar 16-QAM za ka iske BER wajen 6×10⁻⁴. Lambar tana kama da ƙarama har sai ka auna ta da fakiti. Fakiti mai bait 1500 yana da bit 12,000, don haka kowane fakiti zai zo da kuskure shida zuwa bakwai a matsakaici. Kusan babu wanda zai tsira. Ko a 10⁻⁵ ɗin da muke nema, fakiti irin wannan kusan 11 cikin ɗari suna lalacewa idan babu lambar gyaran kuskure, shi ya sa tun daga nan na daina kallon BER ita kaɗai ba tare da na tambayi tsawon fakitin ba.

Dukkan ma'aunan biyu suna da amfani, sai dai kowanne da tambayar da yake amsawa. Eb/N0 yana gaya maka wane tsari ne ya fi tattalin kuzari a kan kowane bit, shi ya sa BPSK, mai bit ɗaya a kowace alama, da QPSK suke hawa lanƙwasa guda a wannan zane. Idan kuwa ƙarfin na'urar aikawa da faɗin zangon ba za su canza ba, kamar a wannan layi, Es/N0 ne yake faɗin gaskiya, kuma a kansa tazarar QPSK da 16-QAM ta kai kusan desibel 6.8, tunda ɗaya tana bukatar 12.6 ɗaya kuma 19.4. Idan an rubuta SNR kawai a ƙasan zane, wato ƙarfin sigina a kan hayaniya, nakan nemi sanin a wane faɗin zango aka auna hayaniyar. Da matatar sigina mai ƙarin faɗi na 0.35, wanda ya auna hayaniya a duk faɗin da siginar ta mamaye zai samu lamba ƙasa da Es/N0 da desibel 1.3. Haka ma idan akwai lambar gyaran kuskure, dole a saka rabonta R, wato kason bit na ainihin saƙo cikin waɗanda ake aikawa, a cikin lissafi: k ya koma k·R, don Eb yana ƙirga bit na ainihin saƙo ne kawai.

Don in tabbatar, na gina kwaikwayon layin a kwamfuta. Abu na farko da nake yi kullum shi ne in zana lanƙwasar lissafi ta QPSK, BER = 0.5·erfc(√(Eb/N0)), in ga ko ɗigogin da kwaikwayona ya fitar sun hau kanta. Wuraren da nake dubawa su ne 10⁻³ a desibel 6.8, 10⁻⁴ a 8.4, da 10⁻⁵ a 9.6. Sashen da ke zuba hayaniya gajere ne:

```python
EsN0_dB = EbN0_dB + 10*np.log10(k)
N0 = 10**(-EsN0_dB/10)
n = np.sqrt(N0/2) * (np.random.randn(N) + 1j*np.random.randn(N))
```

Wannan yana aiki ne kawai idan matsakaicin kuzarin alama ɗaya ne cif. A gwajina na farko lanƙwasar 16-QAM ta fito can hagu, ta fi QPSK kyau nesa ba kusa ba, abin da ba zai yiwu ba. Dalili shi ne ɗigogin da ke wakiltar alamomin 16-QAM suna zaune a ±1 da ±3, matsakaicin kuzarinsu 10 ne, ni kuma ban raba su da √10 ba, sai na ba su kyautar desibel 10 ban sani ba. Girman gocewar yakan tona inda laifin yake. Idan siffar lanƙwasa daidai take amma ta matsa desibel 3 cif, galibi an manta da raba N0 biyu tsakanin sassan sigina biyu, I da Q. Idan ta matsa desibel 6 kuma kana ɗaukar samfur huɗu a kowace alama, to ba a lissafa wannan ninkin ba. Idan kuwa ta ɗan ɗaga sama kaɗan a ko'ina, sai in duba ko an jera bit ɗin a tsarin Gray, inda ɗigogi maƙwabta suke bambanta da bit ɗaya tak.

Sai batun ƙirga. Ɗigo a kan zane ba ya da daraja sai an san kurakurai nawa aka ƙirga kafin a sa shi. Nakan bar gwaji ya ci gaba har sai ya tara kuskure 100 a kowane ɗigo, wanda ke ba da tabbaci na kusan kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa. A 10⁻⁵ wannan yana nufin bit miliyan goma. Idan ka ga wutsiyar lanƙwasa tana karkarwa, tana hawa tana sauka, kurakuran da aka ƙirga ba su kai ba. Idan kuma ka aika bit miliyan ɗaya ba ka ga kuskure ko ɗaya ba, BER ɗinka ba sifili ba ne. Abin da za ka iya cewa kawai shi ne, da tabbacin kashi 95 cikin ɗari, bai wuce 3 a raba da adadin bit ɗin ba, wato 3×10⁻⁶.

Da na koma kan na'urar gaske, na saka abin rage sigina a tsakani ina cire desibel ɗaya ɗaya, sai wani abu ya bayyana wanda kwaikwayo bai nuna ba. Lanƙwasar QPSK ta bi ta lissafi, tana dama da ita da kimanin desibel ɗaya, kuma wannan asara ce da aka saba gani a na'ura. Ta 16-QAM kuwa ta fara faɗowa, sannan ta miƙe ta kwanta, duk ƙarfin da na ƙara ba ta ƙara sauka ba. Lanƙwasar da ta matsa dama ana warkar da ita da ƙarin ƙarfi ko eriya mafi girma. Wadda ta kwanta ba ta jin wannan magani, domin abin da ke ɓata ta yana girma tare da siginar kanta. Hoton ɗigogin ne ya nuna min mai laifi: ɗigogi huɗu na kusurwoyi sun matso ciki, na tsakiya suna wurinsu, alamar amfilifaya ta aikawa ta kusa ƙurewa tana danne manyan alamomi. Da a ce ɗigogin sun shafe ne a zagaye kamar baka, da hayaniyar osileta zan tuhuma. Lissafin yana da sauƙi: idan gurɓacewar na'ura ta kai EVM, wato gocewar ɗigogi daga wurinsu, na kashi 10 cikin ɗari, ta kafa rufi a desibel 20, kuma 16-QAM ba za ta sauka ƙasa da 'yan kurakurai a cikin miliyan ba komai kyan hanya. Na rage ƙarfin da ke shiga amfilifaya, kwanciyar ta sauka ƙasa, amma desibel ɗin da na rage daga cikin 17 ɗin nan suka fita.

Duk lambobin nan na hanya ce mai hayaniya zalla, wadda ake rubuta wa AWGN a kan zane, kuma ta dace da wannan layi tunda eriyoyin suna ganin juna. Inda sigina ke karo da gine-gine tana dusashewa, zanen Rayleigh ake dubawa, kuma a can faɗowar nan ta ɓace, lanƙwasa ta zama gangara miƙaƙƙiya: kowane desibel 10 yana rage kuskure ninki goma ne kawai. QPSK da ke kai 10⁻³ a desibel 6.8 tana bukatar kusan 24 a can.

Na bar layin a kan QPSK. A rahoton da na rubuta na nuna cewa 16-QAM ba tare da lambar gyara ba tana bukatar Es/N0 na 19.4, a ƙara desibel ɗaya na asarar na'ura da uku na rara saboda ruwan sama da gocewar eriya, jimla wajen 23.4, mu kuwa 17 gare mu.