Darussan da na koya wajen lissafa tazarar motocin bas a kan hanya ɗaya

A aikin tsara jadawalin motocin bas, tambayar da aka fi yi mini ita ce motoci nawa ya kamata a saki a cikin awa ɗaya a lokacin cunkoson safe, kuma minti nawa za a bari tsakanin mota da mota. Lissafin kansa ba shi da wuya, domin rabawa ce sau biyu kawai. Abin da aikin ya koya mini shi ne cewa wahalar tana wajen zaɓen adadin da za a raba, kuma wanda ya ɗauko adadin da bai dace ba zai sami amsa mai kyan gani a takarda wadda ba za ta yi aiki a kan titi ba.

Abubuwa uku ake bukata. Na farko shi ne yawan fasinjojin da ke cikin motoci a daidai wurin da hanyar ta fi cika, a ɓangare ɗaya na tafiya, a cikin awar da ta fi cunkoso. Na biyu shi ne iyakar abin da mota ɗaya za ta ɗauka, na zaune da na tsaye. Na uku kuma shi ne kason wannan iyaka da aka ƙudura cewa mota za ta riƙa cikawa, wanda a kullum ba ya kai ɗari bisa ɗari. Idan aka kira na farko P, na biyu C, na uku L, to yawan motoci a awa, wato f, da tazarar da ke tsakaninsu a minti, wato h, suna fitowa kamar haka:

```
f = P / (C × L)
h = 60 / f
```

Bari in ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe. A ɗauka wata hanya ce da ke kwaso mutane daga unguwannin gefen gari zuwa tsakiyarsa, kuma bayanan tikiti sun nuna cewa tsakanin ƙarfe 7 da ƙarfe 8 na safe mutum 1,500 ne suka hau motocin da ke shiga gari. Motar tana da kujeru 40 da wurin tsayuwar mutum 40, ke nan iyakarta 80, an kuma yanke cewa cikar da ake so ita ce kashi 75 cikin ɗari, wato mutum 60 a kowace mota. Wanda bai saba da aikin ba zai raba 1,500 da 60 ya ce ana bukatar mota 25 a awa. Amma mutum 1,500 ɗin nan ba a lokaci guda suke cikin motocin ba, domin wasu sun sauka a makaranta ko asibitin da ke kan hanya, wasu kuma sun hau bayan an wuce nan suka zauna a kujerun da aka bari. Kujera ɗaya tana iya ɗaukar mutum biyu ko uku kafin a kai ƙarshen hanya.

Saboda haka abin da ake nema shi ne nauyin da motoci ke ɗauke da shi tsakanin kowace tasha da mai bi mata. Ana samun sa ta hanyar sanya masu ƙidaya a cikin motoci su rubuta waɗanda suka hau da waɗanda suka sauka a kowace tasha, sannan a riƙa tara na hawa ana cire na sauka, har a ga zangon da adadin ya kai ƙololuwa. Da zarar an gano zangon, ana iya tsayar da mai ƙidaya a nan kawai, ya riƙa rubuta lambar kowace mota da lokacin wucewarta da yawan mutanen cikinta. A misalinmu, a ce ƙololuwar ta faɗo ne a zangon da ke gab da shiga tsakiyar gari, inda mutum 960 suka wuce a cikin awar. Idan aka raba 960 da 60 za a sami mota 16 a awa, idan kuma aka raba minti 60 da 16 za a sami tazarar minti 3 da daƙiƙa 45.

Bambancin 16 da 25 yana bayyana sosai ne idan aka zo ƙirga motocin da za a fitar daga gareji. A ce tafiya daga farkon hanya zuwa ƙarshenta minti 40 ce, dawowa ma haka, ga kuma hutun minti 5 a kowane ƙarshe, ke nan mota tana cika zagaye ɗaya a minti 90. Ana raba tsawon zagayen da tazara, kuma duk ragowar da aka samu ana cika ta zuwa mota guda. Da tazarar minti 3.75 ana bukatar mota 24, amma da an bi lissafin mota 25 a awa, wanda tazararsa minti 2.4 ce, da an bukaci mota 38. Mota 14 ke nan da direbobinsu da mansu da za a ɗora wa hanyar ba tare da bukata ba.

Ba kasafai ake rubuta minti 3 da daƙiƙa 45 a jadawali ba, don haka akan mayar da ita minti 4. Wannan ba laifi ba ne, muddin an koma an duba abin da gyaran ya haifar: minti 4 yana nufin mota 15 a awa, kowace da mutum 64, wato kashi 80 cikin ɗari, an ɗan haura abin da aka ƙudura, kuma motocin da ake bukata sun koma 23. Ni a ganina ana iya amincewa da wannan, amma a rubuta shi a fili domin mai yanke hukunci ya san cewa rage mota ɗaya ya ƙara mutum huɗu a kowace mota.

Inda na fi ƙaruwa shi ne fahimtar cewa awa ɗaya ta yi tsawo a matsayin ma'auni. Mutane ba sa fitowa daidai wa daida daga farkon awa zuwa ƙarshenta, domin lokacin shiga aiki da na makaranta yana tara su a ɗan taƙaitaccen lokaci. A ce da aka kasa ƙidayar zuwa rubu'in awa huɗu, an ga cewa daga 7:30 zuwa 7:45 kaɗai mutum 300 ne suka wuce, sauran 660 kuma sun bazu a cikin minti 45. Idan motoci 16 ɗin suna tafiya da tazara iri ɗaya, huɗu ne za su wuce a wannan rubu'in, kowace da mutum 75, sun kusa cika maƙil, alhali matsakaicin awar yana nuna 60 kamar komai lafiya. Maganin bai bukaci a ƙara yawan tafiye-tafiyen awar ba: mutum 300 suna bukatar mota 5, wato tazarar minti 3, mutum 660 kuma suna bukatar mota 11 a minti 45, wato tazarar minti 4 da 'yan daƙiƙu. Jimillar dai 16 ce, rabon ne ya canza. A nan akwai abin lura da sau da yawa ake mantawa. Ƙarfe 7:30 ɗin lokacin wucewa ne a zangon da ya fi cika, don haka idan zangon yana da nisan minti 30 daga farkon hanya, motoci biyar ɗin za su tashi ne tsakanin 7:00 da 7:15. Wanda ya matse tazarar a tashar farko da ƙarfe 7:30 zai ga motocinsa sun iso bayan taron ya wuce.

Akan tambaye ni dalilin da ya sa ba a lissafi da 80 gaba ɗaya, tunda motar tana iya ɗauka, a rage motoci zuwa 12 a awa. Amsar tana cikin abin da ke faruwa idan mota ta makara. A tazarar minti 4, nauyin da ke taruwa ya kai kimanin mutum 16 a kowane minti. Idan wata mota ta makara da minti 2 tun daga farkon hanya, tazarar da ke gabanta ta zama minti 6, za ta tarar da kimanin mutum 96, fiye da iyakarta, ta bar wasu a tasha, ita kuwa mai bi mata tazararta ta koma minti 2, rabonta mutum 32 ne sai waɗanda aka bari. Kuma lamarin yana ƙara kansa da kansa, domin motar da ta cika tana daɗewa a kowace tasha ana hawa ana sauka, ta baya kuwa tana wucewa da sauri har ta cim mata, sai a ga motoci biyu a jere, ɗaya danƙare ɗaya da kujeru babu kowa. Gurbin mutum 20 da aka bari tsakanin 60 da 80 shi ne ke shanye ƙaramar makara kafin ta kai ga haka. Da an tsara a kan 80, makarar minti ɗaya ma ta isa a fara barin mutane a tasha. Wannan ne ya sa nake ganin hanyar da motocinta ke cuɗanya da sauran ababen hawa tana bukatar gurbi mai faɗi fiye da wadda aka keɓe wa motocinta layi, haka ma hanyar da tafiyarta ke da tsawo, inda ba a so mutum ya daɗe a tsaye.

Ana gane wannan matsala daga takardar mai ƙidaya, idan aka karanta ta layi bayan layi maimakon a duba jimilla kawai. Idan aka ga mota ta wuce 7:31 da mutum 80, wata 7:32 da 41, sannan babu komai sai 7:39 da 80, to abin da ya lalace shi ne daidaituwar tazara, kuma ƙara motoci ba lalle ne ya gyara shi ba, sai dai a duba ko lokacin tafiya da na hutu da aka rubuta a jadawali sun dace da gaskiyar titi. Idan kuwa tazarar daidai take amma kowace mota an rubuta mata 78 ko 80, to ƙidayar ta daina auna yawan masu bukata, ta koma auna abin da motocin suka iya kwasa, domin adadin ba zai taɓa wuce yawan motoci sau 80 ba. A irin wannan hali nakan nemi a tsayar da wani mai ƙidaya a tashoshin da ke kafin zangon, ya rubuta mutanen da suka rage bayan tashin kowace mota, a duba yadda layin ke ƙaruwa daga farkon awar zuwa ƙarshenta, a ƙara wannan ƙaruwar a kan P, sannan a sake lissafin.