Zanen da wuta ke yi wa bidiyo

Ƙaramin shagon ɗaukar bidiyo gare ni a Maradi, aikinmu buki ne da suna da walimar saukar karatu. Abin da ya fi ɓata aikin dare shi ne baƙin zanen nan da ke hawa yana sauka a hoto, ko hasken ya riƙa ƙyaftawa. Mai buki zai ce kyamara ce ta lalace, alhali lafiyarta lau.

Kuran ɗinmu na Nijar 50 Hz ne, wato yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka dogon ƙwan neyon da LED mai araha suna haske su dushe sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Ido ba ya kama wannan. Kyamara kuwa layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, wani layin ya dace da haske, wani ya dace da dushewa. Maganin shi ne shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido, ta yi daidai da cikakken zagayen ƙyaftawar hasken: 1/100 zagaye ɗaya, 1/50 zagaye biyu. Ni 1/50 nake sawa da hoto 25 a daƙiƙa, bayan na mai da kyamara PAL, tsarin bidiyon da ya dace da wutar 50 Hz. Kuma ba na barin ta a Auto, don da haske ya ƙaru sai ta ɗaga shata da kanta, zane ya dawo. In haske ya yi yawa, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, nake ragewa ko in tsuke ido.

Inda aikin yake da wuya shi ne in an ɗauke wuta aka tada gurup. Ƙaramin gurup ba ya tsayawa kan 50 daidai. A wani buki na ga siririn zane yana rarrafe a kan farar shaddar ango, ga shata tana 1/50. Na sa mita a soket, ta nuna 52 Hz. Ke nan ƙwayayen suna ƙyaftawa sau 104, abin da ake so shi ne 1/52. Saitin yau da kullum daga 1/50 sai 1/60, babu tsakani, sai kyamara mai Synchro Scan ko Clear Scan da ke matsawa kaɗan-kaɗan. Na juya tawa mai wannan saitin ga farin bango, na riƙa murɗawa har zanen ya ɓace. Sai dai da aka kunna firiza nauyi ya hau gurup, juyinsa ya sauka, na sake saiti.

Fitilun ado masu canza launi su ba ruwansu da 50 Hz, kowace da nata saurin. In iri biyu suka haɗu a rumfa, shata ɗaya ba ta gyara su duka. Nan nakan je wurin uwar buki in ce, "Hajiya, don Allah a kashe masu launin nan har amarya ta shigo," in kunna fitilata mai batir.