Ƙarar ƙarancin iska a babbar mota: abin da ya sa nake tsayawa da zarar ta soma

Duk direban da ya fara tuƙi a ƙaramar mota ya saba da cewa ƙarfin ƙafarsa ne ke tura mai zuwa tayoyi ya kama birki. A tirela ko babbar bas abin ya sha bamban. Fedar da kake takawa bawul ce kawai, aikinta ta buɗe wa iskar da aka tara a tanki hanya ta tafi ta tura birkin. In tankin ya cika, taɓawa kaɗan ta isa ta riƙe mota da kayanta. In iskar ta yi ƙasa, ko ka miƙe tsaye a kan fedar ba abin da za ka ƙara mata. Wannan ne abu na farko da maigidana ya cusa mini tun ina yaron mota, kuma shi ya sa har yau idanuna ke komawa kan agogon iska fiye da agogon gudu.

A motar da nake ja, irin ƙirar Amurka, kwamfureso yana cika tankuna zuwa wajen 125 psi, wato ma'aunin ƙarfin iska, sai ya huta, ka ji ta yi atishawar nan a ƙasa. In iska ta sauko wajen 100 psi sai ya sake kama aiki. Tsakanin waɗannan biyun allura ke kai da komo duk yini, kuma wannan lafiya ce. Jar fitila da ƙara suna tashi ne idan iskar ta faɗo wajen 60 psi, wato kusan 4 bar ga masu agogon da ke ƙidaya da bar. Motocin Turai da yawa suna aiki da iska mai ƙarfi fiye da haka, gargaɗinsu ma yana tashi a wata lamba dabam, don haka kowa ya san ta motarsa. Abin lura shi ne kafin allura ta kai 60, ta riga ta wuce wurin da ya kamata kwamfureso ya maido ta da tazarar 40 psi. Ma'ana ko dai ya daina aiki, ko kuwa iskar da ke fita ta fi wadda yake turawa. A cikin biyun babu wanda ke gyaruwa da kansa a kan hanya.

Ranar da na ga wannan da idona, ina ɗauke da cikakken lodi, hanya shimfiɗaɗɗiya, ƙafata ma ba ta kan birki. Sai na lura allurai biyun da ke agogon iska suna ƙasa da 100 kuma ba su da niyyar hawa. Na ɗan ƙara wuta don kwamfureso ya yi sauri, suka tsaya cak na ɗan lokaci, sannan suka ci gaba da sauka: 90, 80. Na sauke gilashi, na jiyo wani siririn huci daga bayan kai, wanda ƙarar inji ta so ta danne. Tun daga nan na ɗage ƙafa daga totur, na kunna birkin inji, na sa sigina, na fara laluben wurin da zan sauka daga kwalta gaba ɗaya. Ban kai ga samun wurin ba ƙarar ta ɓarke, fitila ta yi ja.

Yarona ya ce, "Maigida, ga gari can gaba kaɗan, mu lallaɓa mu ƙarasa mana, akwai makanikai." Na ce masa, "Iskar da ta rage ta tsayawa ce, ba za ta kai mu ko'ina ba. Shirya waigi."

Maganarsa ba ta wauta ba ce, ita ce ke zuwa zuciyar kowane direba, domin a wannan lokacin motar tana tafiya lafiya lau, birki ma yana ci. Abin da ba ya gani daga kujerarsa shi ne abin da ke faruwa a tukwanen birkin tayoyin baya. A cikin kowace akwai wani ƙaton sifirin mai ƙarfin gaske, kuma iska ce ke danne shi duk tsawon tafiya. Shi ne birkin ajiye mota: in ka ja maɓalli ka saki iskar, sai ya miƙe ya damƙe taya. To idan iska ta zube da kanta, abin da zai yi ke nan ba tare da ya tambaye ka ba. A yawancin motoci hakan na faruwa ne tsakanin 45 da 20 psi. Daga 60 zuwa can ba nisa, kuma in yoyon babba ne ba ya ɗaukar ko minti guda.

Na sha jin direbobi na cewa ai ba komai, in iska ta ƙare motar za ta tsayar da kanta. Wannan maganar tana damuna ƙwarai, don rabin gaskiya ce mai kashe mutane. Eh, sifirin zai kama, amma ba kai ka zaɓi wurin ba. Yana iya kamawa a tsakiyar kwana, ko a kan gada, ko da wata bas cike da mutane a bayanka. Kuma ba shi da sassauci irin na ƙafa, ba za ka iya rage shi ko ka sake shi ba. In motar ba kaya, ko kwalta ta jiƙe, tayoyin baya sai su kulle su fara sulɓi, bodin tirela ya naɗo ya haɗu da kai. In kuwa lodi ya yi nauyi, matsalar ta juya: sifirin ba a kan dukkan tayoyi yake ba, galibi babu shi a tayoyin gaba, don haka ƙarfinsa bai kai na birkin ƙafa ba, kuma a gangara yana iya kasa tsayar da kai da wuri. Akwai ma na ukun da ba a cika faɗa ba. Kafin ya kama gaba ɗaya, yakan fara miƙewa a hankali yayin da iska ke raguwa, lainin ya riƙa gugar durom kana tafiya. Durom ya ɗau zafi, birki ya rage ci, wani lokacin har taya ta kama wuta. Mai lallaɓawa da rabin iska yana dafa birkinsa ne bai sani ba.

Yadda ake taka birki a wannan hali shi ma yana da ƙa'ida. Duk lokacin da ka taka ka saki, iskar da ta shiga tukwane waje take fita, ba ta komawa tanki. Wanda ya ruɗe ya shiga famfa feda, taka-saki taka-saki, da ƙafarsa yake zubar da abin da ya rage masa. Ni sau ɗaya na taka, na riƙe daidai wa daida, na bar birkin inji yana taimakawa, har motar ta sauka gefe ta tsaya. Ban kashe inji ba kuma ban cire giya ba sai da ta tsaya, domin inji ne ke juya kwamfureso, shi ne kuma ke sa sitiyari laushi. Ga masu motocin da kulocinsu da giyarsu ke amfani da iska, a sani cewa in aka yi jinkiri giyar ma tana iya ƙin shiga lokacin da ake neman ta. Da na tsaya allurai suna ɗan sama da 50. Na ja maɓallan biyu, ja da rawaya, yaro ya sa waigi, muka jera alamun gargaɗi a baya.

Abin da ya nuna mini inda ciwon yake shi ne hucin ya ɗauke nan take da na ja jan maɓalli, wanda ke ba bodin tirela iska. Inji yana aiki, allurai suka fara hawa har suka cika. Na sake tura jan maɓallin, huci ya dawo. Ke nan kwamfureso lafiyarsa ƙalau, yoyon yana kan layin da ke kai wa bodi iska. Na hau bayan kai na bi jan tiyo da hannu, sai ga shi ya kwanta a kan wani ƙarfe, abin da ke rataye shi ya saki, girgiza ta goge shi har ya tsage kamar tsawon ɗan yatsa. Daga wannan na riƙe wata hanya mai sauƙi ta gane yoyo, a kuma yi ta da waigi a ƙarƙashin taya. In huci yana nan ko da an ja birkin ajiye mota, a duba tankuna da tiyon da ya taso daga kwamfureso. In sai an saki birkin ajiyewa yake zuwa, a duba jan tiyo ko ɓangaren sifirin na tukwane. In sai an taka feda, to ɗaya tiyon da ke zuwa bodi ne, ko robar cikin tukunya ta fashe. In kuwa babu huci ko kaɗan amma allura ta ƙi hawa, hankali ya koma kan kwamfureso da bawul ɗin da ke kunna shi.

Tiyon muka canza da sabo, muka ɗaure shi sama yadda ba zai sake taɓa ƙarfe ba. Ban yarda a naɗe shi da roba ba, don naɗi ba ya riƙe 125 psi na dogon lokaci, kuma in zai saki a kan hanya zai saki. Haka kuma ba na yarda kowa ya ɗaure sifirin da kusarsa don kawai mu samu mu wuce. An yi wannan kusar ne don aikin gyaran birki, ko don a janye lalatacciyar mota da wata motar, kuma duk tayar da aka ɗaure wa sifirin ba ta da birkin ajiyewa ko na gaggawa. Tukunyar kanta kada wanda bai san ta ba ya kwance ta, sifirin da ke ciki yana iya kashe mutum in ya kuɓuce.

Kafin mu tashi na yi gwajin da nake yi kowace safiya. Na bar iska ta cika, na kashe inji, na saki birkin ajiyewa, na taka feda na riƙe, na jira allura ta daidaita, sannan na ƙirga minti ɗaya. A tirela bai kamata ta faɗi fiye da 4 psi ba, a bas ko mota mai jiki ɗaya kuwa 3. Sai na murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, na shiga famfa feda da gangan har fitila da ƙara suka tashi a wajen 60, na ci gaba har maɓallai suka fito da kansu. Wannan sashen nake so direbobin bas su fi kula da shi, domin ƙofofi da balan-balan ɗin da motar ke zaune a kai duk daga kwamfureso ɗaya suke sha, kuma na taɓa shiga bas na tarar an cire wayar ƙarar saboda wai tana damun fasinjoji da safe. Wanda ya yi haka ya bar direba da jar fitila kaɗai, wadda da rana tsaka da ƙyar ake ganinta. In ƙarar motata ta ƙi tashi a gwaji, sai an gyara ta nake ɗaukar kaya, kuma kafin in bar wurin ajiya nakan jira allurai biyun su wuce 100 tukuna.