Wa ya faɗi wannan? Yadda ake mayar da kowace magana ga mai ita a manazarta

Ƙannena masu rubuta kundi a Katsina da Daura, kuskuren da na fi daɗewa ina tafkawa shi ne ɗaukar sunan da ke cikin baka a ƙarshen sakin layi in jingina masa duk abin da ke cikin sakin layin. Kuskure ne mai sauƙin yi, don takardar da aka ɗora a intanet takan zo tsaf-tsaf, ga sunaye ga shekaru, sai mutum ya saki jiki. Amma sunan nan ishara ce kawai, yana nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Bai gaya maka wace magana ce ta fito daga wane gida ba.

Bari mu ɗauki misali daga tarihin da kowa ya tashi yana ji. A ce ka sauke wata maƙala kan Daura, ka tarar da sakin layi mai jimla uku. Ta farko ta ce Bayajida ya zo daga gabas, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Ta biyu ta ce daulolin Hausa ba baƙo ne ya kafa su dare ɗaya ba, sun girma ne a hankali daga ƙauye zuwa gari zuwa birni. Ta uku ta ce bayan jihadi sarautar Daura ta rabu uku, Fulani a birnin Daura, gidan sarautar da aka kora kuma a Zango da Ɓaure. A ƙarshe sai marubucin ya rufe da wannan:

```
(Palmer, 1928; Smith, 1970; Smith, 1978)
```

Ido zai ce maka jimla uku, suna uku, kowa ya ɗauki tasa bi da bi. A wannan misalin ma hakan ya yi daidai, amma dace ne kawai, kada ka gina komai a kansa. A tsarin APA, wanda sassa da yawa na jami'o'inmu ke bi, ana jera sunayen cikin baka ne bisa harafin farko, wato yadda suke a manazarta, ba bisa jerin maganganun ba. Wasu mujallu kuma bisa shekara suke jerawa. Da marubucin ya fara da maganar Zango da Ɓaure ya ƙare da Bayajida, bakan zai fito yadda yake ɗin nan, babu abin da zai motsa. Na sha rarraba magana bisa wannan jeri, kuma sau da yawa a baibai na rarraba.

Don haka aikin farko shi ne yanka sakin layin. Samu takarda ka ja layi ka raba ta gida huɗu: maganar, sunan da ke cikin baka, cikakkiyar madogarar kamar yadda take a manazarta, sai shafin da ka gani da idonka. Kowace magana layinta daban. In jimla ɗaya ta ƙunshi shekara da kuma dalili, maganganu biyu ne, domin sau da yawa shekarar daga littafi take, dalilin kuwa ra'ayin mai maƙalar ne da ya lanƙaya. Gida na huɗu ka bar shi fayau har sai ka buɗe littafin.

Yanzu sauka manazarta. A nan ne Smith zai ba ka aiki, domin ba mutum ɗaya ba ne. Na 1970 Abdullahi Smith ne, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya rubuta maƙala kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa a mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya. Na 1978 kuwa M. G. Smith ne, masanin halayyar al'umma ɗan Jamaika, mai littafi guda a kan sarautar Daura. Akwai ma ta uku, Mary Smith, matar M. G. Smith, mai littafin 1954 kan rayuwar wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau. Ƙa'ida ta ce in sunayen ƙarshe suka yi karo a sa harafin farko, a rubuta `A. Smith` da `M. G. Smith`, amma marubuta da yawa ba sa sawa. In ka haɗe su ka rubuta cewa "Smith ya ce kaza a 1970, daga baya ya ƙara da kaza a 1978", ka ƙirƙiri malamin da bai taɓa rayuwa ba, kuma duk wanda ya san fagen zai gano ka tun a layin farko. Akwai kuma akasin haka: Abdullahi Smith kafin ya musulunta da `H. F. C. Smith` yake sa hannu, don haka suna biyu a manazarta na iya zama mutum ɗaya.

Sunayenmu na gida ma haka suke wahalarwa. Marigayi Yusufu Bala Usman, mai littafin 1981 kan sauye-sauyen sarautar Katsina, a cikin rubutu wani zai kira shi Bala Usman, a manazarta ka same shi ƙarƙashin Usman, wani kuma ya ajiye shi ƙarƙashin Bala. Kada ka yanke cewa madogara ta ɓace sai ka nemi kowane ɓangare na sunan da `Ctrl+F`, ko alamar bincike in a waya kake karantawa, sannan ka nemi shekarar ita kaɗai. In sunan na da ƙ ko ɗ ko ɓ, nemi tsakiyarsa ka bar harafin, don wani wuri an buga shi da lanƙwasa wani wuri babu. In kuwa bincike bai kamo ko kalmar da kake kallo ƙuru-ƙuru ba, takardar hoto ce aka ɗauka shafi-shafi, sai ka bi da yatsa.

Suna kaɗai ba ya isa, sai shekara ta dace, har da ƙaramin harafin da ke maƙale da ita. `2015a` da `2015b` ayyuka biyu ne na mutum ɗaya a shekara ɗaya, kuma a APA harafin na bin jerin taken aikin ne, ba wanda ya riga fitowa ba. Harafin nan na wannan takardar ne kaɗai. Abin da yake `a` a nan na iya zama `b` a wata maƙalar. Na taɓa kwashe shi daga wata takarda zuwa tawa, ya nuna aikin da ban taɓa buɗewa ba. `et al.` kuma na nufin "da sauransu", sunan farko kawai za ka nema.

To, ka gano mutanen uku. Har yanzu ba ka san wa ya faɗi me ba, sai dai take zai ba ka zato: na Daura zai fi dacewa da maganar Zango da Ɓaure, na kafuwar dauloli da maganar ƙauye da birni, Palmer kuma, Baturen mulkin da ya tara labaran sarautu ya buga su a mujalladi uku, da labarin Bayajida. Rubuta zaton da fensir, sannan ka je ɗakin karatu ko ka nemo kwafin. A Palmer mujalladi na uku za ka buɗe. In maƙalar ba ta ba da shafi ba, fara da fihirisar bayan littafi, ka nemi kalmar da ba ta cika yawo ba, kamar Kusugu ko Ɓaure, maimakon Daura da za ta fito a ko'ina. Kuma shafin da za ka rubuta shi ne wanda aka buga a jikin takardar, ba lambar da manhajar karatu ke nunawa a sama ba, don bango da gabatarwa kan sa su saɓa da shafi goma ko fiye.

Abin da za ka tarar a can shi ne dalilin duk wannan wahala. Littafin Daura na 1978 shi ma ya kawo labarin Bayajida, maƙalar 1970 ma ta taɓo shi, amma ta kawo shi ne don ta nuna bai isa ya bayyana asalin daulolin Hausa ba. Ka ga suna uku na iya haɗuwa kan jimla ɗaya, ɗaya ya ruwaito, ɗaya ya yi sharhi, ɗaya ya ja da ita. Wanda ya rubuta cewa Abdullahi Smith ya tabbatar da zuwan Bayajida ya sa masa a baki abin da ya tashi rushewa. Saboda haka a gida na huɗu, bayan shafi, ƙara kalma ɗaya: ya faɗa, ya ruwaito, ko ya musanta. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san bambancin mai magana da mai ruwaya, aikin ɗaya ne.

Wannan ya kawo mu ga `as cited in`, abin da a kundayen Hausa ake rubutawa "an ɗauko daga". In ka ga `Palmer, 1928, as cited in Smith, 1978`, Smith kaɗai za ka samu a manazarta, kuma hakan daidai ne, don shi marubucin ya karanta. Kai ma zaɓi biyu gare ka: ka nemo Palmer ka karanta, ko ka faɗi gaskiya cewa ta hannun wani ka ji. Hira da baki kuwa, irin wadda ake yi da dattawan fada, APA ba ta sa ta a manazarta, a cikin rubutu take tsayawa, ko da yake masu tarihi kan ware mata jeri na daban.

Ku 'yan kimiyya da likitanci da injiniya, naku lambobi ne. `[4–7]` madogara huɗu ce, ba biyu ba. Ku duba ko jerin na bin yadda aka ambata ne ko bisa harafi: in lambar farko a gabatarwa 1 ce sai 2, ambato ake bi. Ku tabbata kuma rubutun da manazartar daga kwafi ɗaya suke. Takarda kan hau intanet sau biyu ko uku, kafin gyara da bayan gyara, kuma madogara ɗaya da aka cusa a tsakiya na ture duk lambobin da ke bayanta. Alamar ita ce ka ga magana kan zazzaɓin cizon sauro tana nuna aiki kan hawan jini. Duba lambar da ke sama da wadda ke ƙasa, in can ta dace, ka san an samu gocewa, sai ka gwada wasu uku ka ga daga ina ta fara. Ƙananan lambobin da ke rataye saman kalma kuma, in ka kwafe rubutun sukan sauko su manne, shekarar 2015 mai madogara ta 12 ta koma 201512.

Wani lokaci za ka bi duk wannan, ka karanta babin gaba da baya, maganar ba ta nan. Kafin ka ɗora wa marubucin laifi, duba ko bugu ɗaya kuke riƙe da shi, don aikin da aka sake bugawa a cikin tarin maƙalu shafukansa sun sauya. In har yanzu babu, rubuta "ban samu ba" a gida na huɗu. Irin wannan magana, in dole sai ta shiga kundinka, ka jingina ta ga mai maƙalar da ka karanta, da sunansa da shafinsa, ka bar sunan littafin da ba ka same ta a ciki ba.