Mako na uku da lanƙwasai masu yankan juna a digiri 90: inda c ta riƙe ni

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Wannan makon na zauna da dangin farabola y = cx², ina neman wani dangin lanƙwasai da kowane ɗansa zai yanki kowace farabola a kusurwar digiri 90. Dokar da ake tafiya a kai guda ce: idan layuka biyu suka haɗu a irin wannan kusurwa, gangaren ɗaya sau gangaren ɗayan zai ba da −1.

A ranar farko na yi diferenshiyeshan na samu dy/dx = 2cx, nan take na kifa shi na sa masa alamar ragi, ya zama −1/(2cx). Da na yi intigireshan sai ga logaridim. Na ɗauki c = 1 na gwada a ɗigon (2, 4): gangaren farabola 4, nawa −1/4, sun ba da −1. Na rufe littafi da murna.

Washegari da na zo zanawa a takardar giraf sai na ga kusurwoyin ba su yi ba. Na gwada ɗigon (1, 3), wanda ke kan farabolar c = 3. Gangarenta 6 ne, nawa kuwa −1/2, sun ba da −3. Ashe c ba lamba ɗaya ba ce a duk filin, kowace farabola da tata. Lanƙwasar da na samu ta dace da farabola guda ce kawai, kuma a kanta na yi gwajin farko, shi ya sa kuskuren ya ɓuya.

Gyaran shi ne a kawar da c tun kafin a kifa. Tun da c = y/x², gangaren dangin ya zama dy/dx = 2y/x. Yanzu a kifa:

dy/dx = −x/(2y)

A raba su, 2y dy = −x dx, intigireshan ya ba da x² + 2y² = K. Elifs ne, masu siffar ƙwai, suna kewaye da cibiya. A (1, 3) gangarensu −1/6, sau 6 ya ba da −1. A (2, 4), inda K = 36, nan ma −1.

Wuri ɗaya ya so ya ruɗa ni: idan y = 0 ba a iya rabawar. Amma zane ya warware. Layin x ɗan dangi ne shi ma, shi ne c = 0, kuma elifs ɗin suna ratsa shi a tsaye cak.

Mako mai zuwa zan kama da'irori x² + y² = 2cx. Wanda ya riga ni, ya gwada amsarsa a kan c biyu mabambanta kafin mu haɗa.