Intanet ɗaya, sashe huɗu: inda aikin rabon ya tsaya

'Yan'uwa masu koyo, ga inda na kai da aikin raba intanet a gidanmu. Gidan haya ne mai sashe huɗu, kowane sashe da iyalinsa. Muka haɗa kuɗi muka ja layi guda daga wani kamfani, da sharaɗin kowa zai ga intanet a sashensa, kuma babu wanda zai cinye rabon wani. Jan kebul bai ba ni wahala ba. Sharaɗi na biyun nan shi ne aikin.

Akwatin kamfani yana sashena. Daga shi kebul ya shiga wata ƙaramar rauta ta MikroTik, ƙirar hEX, mai rami biyar, wadda zan riƙa kira babbar rauta. Ramin farko, ether1, shi ke karɓar intanet. Sauran huɗun, ether2 zuwa ether5, kowanne ya ɗauki kebul ɗin Cat6 zuwa sashe guda. Mafi nisa bai kai mita 40 ba, kuma iyakar irin wannan kebul mita 100 ce, don haka babu damuwa. Sai dai ku nemi na jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha da ake rubuta wa CCA, alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, yana saurin karyewa a bakin filogi. Duk inda kebul zai ratsa tsakar gida na sa shi cikin bututun roba saboda rana da damina.

A ƙarshen kowane kebul akwai rautar mai sashen, wadda ya saya da kuɗinsa, da sunan waifai ɗinsa da kalmar sirrinsa. A nan ne shawarar da ta fi kowace nauyi take. Mutane da yawa za su ce muku ku mayar da waɗannan rautoci Access Point, wato masu watsa waifai kawai ba tare da raba adireshi ba, don a kauce wa NAT biyu a jere. NAT shi ne yadda rauta ke ɓoye na'urorin da ke bayanta a ƙarƙashin adireshi ɗaya. A ofis shawara ce mai kyau. A gidan haya ban yarda da ita ba. Idan aka yi haka, babbar rauta za ta riƙa ganin kowace waya da kanta, rabon kuma ya koma na wayoyi. A gidanmu akwai sashen da ke da wayoyi goma sha biyu da talabijin, akwai kuma na wata Hajiya da jikarta, wayoyi biyu kacal. Kuɗi ɗaya suke biya. In aka raba bisa yawan wayoyi, Hajiya ce za ta riƙa biya wa wasu. Shi ya sa na bar kowace rauta a matsayin rauta, kebul ya shiga raminta na WAN, wanda take karɓar intanet ta cikinsa. Da haka babbar rauta ba ta ganin komai sai adireshi huɗu, kowane sashe guda ɗaya, ko waya nawa ke bayansa. Abin da aka rasa kaɗan ne: WhatsApp da YouTube da manhajar banki ba ruwansu da NAT biyu. Wanda zai ji a jikinsa shi ne mai son buɗe hanya daga waje zuwa kyamarar tsaro, ko mai wasu wasannin intanet, kuma ba mu da ko ɗaya.

Don kada adireshin ya riƙa sauyawa, a saitin babbar rauta na shiga IP, DHCP Server, Leases, na danna Make Static a kan kowace rauta, na ba su 192.168.88.11 zuwa 192.168.88.14.

Sai maganar iyaka. Abin da makwabta suka fara nema shi ne a yanka gudun gida huɗu, kowa a ɗaure shi a kan nasa. A kunne adalci ne, a aikace ɓarna ce. Da hantsi sassa uku duk sun watse, yara na makaranta, manya na kasuwa, mutum ɗaya ne a gida yana son sauke babban fayil, amma an ɗaure shi a kashi ɗaya bisa huɗu, sauran yana zube a banza. RouterOS, manhajar da ke cikin MikroTik, ya ba da lambobi biyu ga kowane layin rabo, wato queue, kuma bambancinsu shi ne maganin. Ɗaya limit-at, wato abin da aka lamunce wa sashe ko da kowa yana kan layi. Ɗaya kuma max-limit, wato iyakar da zai iya kaiwa idan sauran ba sa amfani da nasu.

Kafin na sa lamba sai da na auna. Ban ɗauki abin da ke rubuce a takardar kamfani ba. Na riƙa gwada gudun bayan sallar isha'i, lokacin da unguwa duka ke kan layi, da kwamfuta a jikin kebul, sauran sassa a cire. Abin da ya fi yawan fitowa mega 40 ne wajen saukewa, mega 10 wajen ɗorawa. Na ɗauki kashi 90 cikin 100 na hakan, wato 36 da 9. Ga abin da na rubuta, a sani lambar farko ta ɗorawa ce, ta biyu ta saukewa:

```
/queue simple
add name=duka target=192.168.88.0/24 max-limit=9M/36M
add name=sashe1 parent=duka target=192.168.88.11/32 limit-at=2M/9M max-limit=8M/32M
add name=baki parent=duka target=192.168.88.0/24 max-limit=512k/1M
```

Layin sashe1 ana maimaita shi wa sauran ukun, a canza suna da adireshi kawai. Layin baki, wato na baƙi, shi ne na ƙarshe a jeri, don ya kama duk wata na'ura da ta shigo ba da adireshin da na sani ba. Lissafin mai sauƙi ne: 9 sau huɗu 36, 2 sau huɗu 8. Jimillar abin da aka lamunce kada ta wuce abin da ke hannun uwar layin, wato duka, in ba haka ba an yi alkawarin abin da babu. Mega 9 kuma ba kaɗan ba ne ga iyali. Bidiyon YouTube na 720p yana neman wajen mega 2.5, ke nan mutum uku na iya kallo a lokaci guda, na huɗu yana kiran murya.

Wani zai ce me ya sa za a zubar da kashi goma na abin da aka biya. Dalili shi ne inda cunkoso yake taruwa. Idan bayanai suka fi ƙarfin hanya, dole su yi layi a wani wuri. In ka sa iyakarka daidai da gudun kamfani ko sama da shi, layin zai taru a cikin akwatinsu, inda ba ka da iko, kuma shi bai san sashe ba, wanda ya riga shi ke wucewa. In ka sa ƙasa kaɗan, layin zai taru a rautarka, a nan ne dokokinka ke aiki. Kamar mai rabon ruwa ne, sai bakin famfon yana hannunsa zai iya cewa wa zai ɗiba.

Wannan ya fi tsanani a ɓangaren ɗorawa, saboda shi ne ƙarami. Waya ɗaya da ta dawo daga biki ta fara tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyarta ta intanet tana iya cike mega 10 ɗin nan ƙaf. Daga nan kowa a gidan zai ce intanet ta mutu, har mai saukewa kawai, domin shi ma na'urarsa tana aika ƙananan saƙonnin tabbatarwa ta wannan hanyar da ta toshe. Gwajin da nake yi shi ne na bar `ping 8.8.8.8`, mai auna lokacin da amsa ke ɗauka kafin ta dawo, yana tafiya, sannan na fara ɗora babban bidiyo. Kafin iyaka, amsar tana tashi daga wajen 40ms ta haura 800ms, kiran murya ya riƙa yankewa. Bayan iyaka, daga wani sashen, ba ta cika wuce 70ms ba.

Akwai tarkon da ke jiran duk wanda ya fito da MikroTik daga kwali. Saitin da take zuwa da shi yana da dokar FastTrack, wadda ke tsallakar da yawancin bayanai ba tare da sun bi ta layukan ba. Alamarsa ita ce ka rubuta komai daidai, mutane na kallon bidiyo, amma lambobin da ke Queues da kyar suke motsi. Ana kashe ta da wannan, sannan a sake kunna rautar don tsofaffin haɗe-haɗe su faɗi:

```
/ip firewall filter disable [find action=fasttrack-connection]
```

Kashe ta yana ƙara wa rautar nauyi, amma a gudun mega 40 hEX ko a jikinta.

Matsalar da ta fi ɗaure mana kai ba daga saiti ta zo ba. Wata safiya Hajiya ta leƙo ta ce, "Malam, abin naka yana nuna yana nan, amma ko saƙo ba ya fita." Na duba shafin rautarta, sai na ga adireshin WAN ɗinta ya zama 192.168.0.103, alhali 192.168.88.13 ya kamata ya kasance. Duk lokacin da kuka ga haka, wata na'ura ce daban ke raba adireshi a kan layin. Ashe a wani sashen an yi shara an ɗaga rauta, da aka zo mayarwa aka soka kebul a ramin LAN, na haɗa na'urorin cikin gida, maimakon WAN. Ita kuwa ta ci gaba da aikinta na rabon adireshi, ta cikin kebul ɗin har zuwa makwabta. Da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, rautar masu sharar ta riga babbar rauta amsa wa ta Hajiya. Su kuma wasu wayoyin masu sharar suka karɓi adireshi kai tsaye daga babbar rauta suka faɗa layin baƙi, suna ta ƙorafin intanet ta yi nauyi.

Na mayar da kebul, na liƙe ramukan LAN da ba a amfani da su da salatif, sannan na hana ramukan babbar rauta magana da juna:

```
/interface bridge port set [find] horizon=1
```

Ramukan da ke da lambar horizon iri ɗaya ba sa miƙa wa juna komai, kowanne da babbar rauta kawai yake magana. Kuskuren sashe ɗaya ya tsaya a sashensa.

Wuta kuwa, akwatin kamfani da babbar rauta suna kan ƙaramin batir mai 12V, domin in suka mutu kowa ya mutu. Rautar sashe kuma kowa ya ji da tasa. Batirin yana da wani amfanin: lissafin yawan datar da kowane layi ya ci, wanda `/queue simple print stats` ke nunawa, yana gogewa duk lokacin da rautar ta sake kunnuwa.

Wannan lissafin shi ne abin da ke gabana yanzu. Iyakar gudu ta magance faɗan yamma, amma ba ta taɓa yawan giga na wata ba. Tsarinmu irin wanda ake ce wa mara iyaka ne, sai dai a cikin yarjejeniya an rubuta cewa in an wuce wani adadi za a rage gudu har ƙarshen wata. Ku karanta taku da kyau, har da abin da ta ce kan raba layi da wasu gidaje, don wasu kamfanonin sun hana. A watan da ya wuce, sashen talabijin shi kaɗai ya ci fiye da rabin abin da gidan ya ci, mafi yawa da dare lokacin da max-limit ya sake masa mara. Bai karya wata doka ba, amma shi ya kai mu bakin iyaka. Maigidan sashen ya ce a ƙara masa kuɗi a bar shi yadda yake. Hajiya ta ce ita dai kada a taɓa mata kiran da take yi da ɗanta da ke Agadas. Ni abin da nake rubutawa shi ne ɗan umarni a Scheduler, mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, da zai riƙa duba lissafin kowace awa, in sashe ya haura rabonsa na wata ya sauko masa da max-limit zuwa 2M/9M, ya bar limit-at yadda yake. Kafin ya yi aiki sai na sa rautar ta riƙa adana lambar a comment ɗin kowane layi, saboda ranar da batir zai ƙare kafin a kawo wuta.